Amsar da Ke Ceto Rumbun Bayanai Bayan An Danne Shi Bisa Kuskure

A ce wata 'yar kasuwa a Kano tana sayar da atamfa da leshi ta shafin intanet da aka gina da WordPress da WooCommerce. Daren Talata, 14 ga Mayu, ƙarfe 11:40, yaron da ke kula mata da shafin ya buɗe phpMyAdmin don ya loda wani tsohon fayil na watan Janairu cikin rumbun gwaji. Sunayen rumbunan biyu sun yi kama, kasuwa_gwaji da kasuwa_wp, kuma suna jere a gefe guda. Hannunsa ya faɗa kan na biyun, ya danna Import. Da gari ya waye, shafin ya koma yadda yake a Janairu: tsohon farashi, kayan da aka sayar tuni sun dawo, odar wata huɗu ta ɓace.

Dalilin da ya sa ɓarnar ke zama gabaɗaya yana cikin fayil ɗin kansa. Fayil ɗin da aka fitar da mysqldump yakan sa layi irin wannan kafin kowane tebur:

```sql
DROP TABLE IF EXISTS `wp_posts`;
```

Wato a goge teburin da ke nan, sannan a gina na cikin fayil a gurbinsa. A MySQL da MariaDB wannan umarni ba ya janyuwa, da zarar ya gudana ya tabbata. Abin da ya rage shi ne kwafin ajiyar da kamfanin hostin ke ɗauka.

Yaron ya buɗe tikiti cikin firgici, ya rubuta cewa shafi ya lalace, a taimaka a gyara. Masu tallafi suka amsa da tambayoyin da suka saba: wane rumbu ne, kwafin wace rana kake so, kuma ka yarda mu ɗora shi kan abin da ke nan yanzu? Amsar wannan wasiƙa ita ce za ta nuna ko kayan za su dawo ko ɓarna za ta ninka.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne cewa "ku dawo mini da kwafin ƙarshe". A ce kamfanin yana ɗaukar kwafi kullum ƙarfe 2:00 na dare a agogon sabarsa, wadda ke kan UTC. Najeriya da Nijar suna gaban UTC da awa ɗaya, don haka ƙarfe 3:00 ke nan a Kano. Kuskuren ya faru kafin tsakar daren Talata, kwafin Laraba kuma an ɗauke shi bayan awa uku da 'yan mintoci. Ke nan kwafin ƙarshe ya riga ya haɗiye ɓarnar. Ma'aikacin da aka ce wa ya dawo da shi zai yi abin da aka ce, ya rufe tikiti, shafi kuma yana nan a Janairu. Kwafin da ake buƙata shi ne na asubahin Talata, kuma dole a faɗe shi da rana da awa da yankin agogo. A rubuta sunan wata da haruffa, domin 04/05 a wurin Ba'amurke 5 ga Afrilu ne, a wurinmu kuwa 4 ga Mayu.

Lokaci ma ba ya jira. Kamfanoni da yawa suna riƙe kwafi na wasu kwanaki ne kawai, sabo na shigowa tsoho na fita. Duk ranar da aka ɓata ana musayar wasiƙu marasa bayani, kwafi mai lafiya yana ƙara matsawa bakin ƙofa. Shi ya sa nake ganin a cikin amsar farko ya kamata a roƙi su riƙe kwafin Talata, kada ya goge har an gama.

Sai tambayarsu ta uku, ta ɗorawa kan abin da ke nan. Ra'ayina a nan ba ya rawa: a ce a'a. Tun daga daren Talata shafin bai rufe ba, ƙila mutum biyu ko uku sun yi oda da safiyar Laraba, sun biya kuɗi, kuma odarsu tana cikin lalataccen rumbun ne kaɗai. Idan aka danne shi, an maimaita kuskuren jiya da hannun wani. Abin da ya dace shi ne a sa shafin a yanayin gyara don a daina karɓar oda, a shiga phpMyAdmin a yi Export na rumbun yadda yake a ajiye a kwamfuta, sannan a nemi kamfanin ya zuba kwafin cikin sabon rumbu mai wani suna, ko ya ba da fayil ɗinsa kawai.

Ga yadda amsar za ta kasance, ko da wane harshe aka rubuta ta:

"Barka da aiki, na gode da amsarku. Rumbun da ya lalace shi ne kasuwa_wp. Ranar Talata 14 ga Mayu, ƙarfe 22:40 UTC, an loda tsohon fayil a kansa ta phpMyAdmin, teburansa suka danne. Ina neman kwafin 14 ga Mayu na ƙarfe 02:00 UTC. Na 15 ga wata ya ƙunshi ɓarnar, kada a yi amfani da shi. Don Allah kada ku taɓa kasuwa_wp, kada kuma ku dawo da fayilolin shafi ko imel. Ku zuba kwafin a sabon rumbu mai suna kasuwa_dawo, kuma ku riƙe kwafin asali har in tabbatar muku komai ya daidaita. Idan akwai caji, ku sanar da ni kafin ku fara. Shin binlog yana kunne a sabar?"

Jan kunnen nan game da fayiloli da imel yana da dalili. Manhajojin ajiya irin su JetBackup suna iya dawo da asusu gabaɗaya ko rumbu guda, kuma idan aka dawo da asusu duka, hotunan kaya da saƙonnin da suka shigo bayan Talata suna iya tafiya. Shi kuwa binlog rajista ce da MySQL ke rubuta kowane canji a cikinta, wadda za a iya bi a dawo da rumbu har zuwa minti ɗaya kafin kuskure. A hostin na tarayya, inda shafuka da yawa ke zaune kan saba guda, da wuya a ba ka shi, amma tambaya ba ta cin kuɗi. Kalmar sirri kuma ba ta da gurbi a cikin wasiƙar. A aika ta daga cikin asusun mai shafin, domin kamfani mai hankali ba ya dawo da rumbu bisa umarnin wanda bai tantance ba.

Idan suka ce an gama, a duba kafin a yarda. A sabbin shagunan WooCommerce oda tana zama a teburin wp_wc_orders:

```sql
SELECT MAX(date_created_gmt) FROM wp_wc_orders;
```

Idan amsar ta nuna 13 ga Mayu ko 14 ga wata kafin ƙarfe 02:00 UTC, kwafin daidai ne. Idan ta nuna Janairu, sun ɗauko na Laraba. Bayan an gamsu, sai a ba mai amfani da rumbun izini kan kasuwa_dawo a cPanel, a canza DB_NAME a wp-config.php zuwa sabon sunan.

Akwai giɓin da kwafi ba zai cike ba: odar da aka yi daga ƙarfe 3:00 na asubahin Talata zuwa 11:40 na dare, kusan awa 21 na ciniki. Waɗannan sai an bi su da hannu, ta imel ɗin da WooCommerce ke turawa mai shago kan kowace sabuwar oda, da jerin biyan kuɗi a shafin kamfanin da ke karɓar mata kuɗi. Odar safiyar Laraba kuma a ciro su daga fayil ɗin da aka yi Export, a shigar da su a matsayin sababbi, domin lambobinsu sun ɗora ne daga lissafin Janairu, suna iya cin karo da na tsofaffin oda.