Gemun da Ya Kama Wuta a Kano, a Madrid Aski Ake Masa

"In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa." Mai fassarar da aka ce ya mayar da wannan karin magana zuwa Sifaniyanci zai ga kamar ya yi tsuntuwa, domin Sifaniyawa ma suna da nasu mai gemu da ruwa: "Cuando las barbas de tu vecino veas pelar, pon las tuyas a remojar." Wato, sa'ad da ka ga ana aske gemun maƙwabcinka, jiƙa naka. Tsohon zance ne, kuma yana cikin taskar karin magana ta Cibiyar Sarbantes, wadda gwamnatin Sifaniya ta kafa a 1991 don yaɗa harshen.

Sai dai ruwan nan biyu ba aikinsu ɗaya ba.

Bahaushe yana shafa ruwa ne don kada wutar ta kama nasa gemun. Rigakafi ne, kuma akwai sa ran tsira a ciki. Ruwan Basifaniye kuwa na wanzami ne, wanda ake jiƙa gashi da shi don ya yi laushi, aska ta wuce ba zafi. Abin da yake cewa shi ne, layi ya kusa zuwa kanka, ka shirya. A Sifaniya ta dā, taɓa gemun namiji ko tuge shi babban wulaƙanci ne, saboda haka akwai ƙanshin saduda a zancen. A ce uwa a wani littafin Hausa ta ga an kama ɗan maƙwabta da ƙwaya, ta jefa wa ɗanta wannan karin magana. Nufinta ya rabu da miyagun abokai tun da sauran lokaci. In aka sa mata zancen aski a baki, mai karatu a Madrid zai iya ɗauka cewa ta riga ta sallama, kamun ɗanta kawai take jira.

Akwai mafita ta kusa. A bakin mutane da yawa, musamman a Latin Amurka, ana sauya "pelar" da "arder", wato ci da wuta. Nan hoton ya dawo daidai da na Hausa. Abin da aka rasa shi ne amsa-amon "pelar" da "remojar", wanda shi ke sa kunnen Basifaniye ya gane nan take cewa zancen magabata ake yi.

Sauran aikin yana cikin ƙananan kalmomi. Na Sifaniya ya ce "vecino", maƙwabci, na Hausa ya ce ɗan'uwa. Ɗan'uwa a Hausa ya wuce wanda aka haifa tare. Abokin sana'a da ɗan gari duk suna shiga. "Hermano" ya fi kusa da wannan zumunci, ko da yake wani zai ɗauke shi a kan ɗan'uwa na jini kawai. Haka kuma "in" ta Hausa sharaɗi ce, abin yana iya faruwa, yana iya ƙin faruwa, don haka "si" ce ta dace da ita. "Cuando" tana nuna cewa lokaci kawai ake jira. Ga kuma zaɓi tsakanin "tú" na sabo da "usted" na girmamawa. Karin maganar Sifaniyawa kusan kullum da "tú" take tafiya, ko da dattijo ake gaya wa, kamar yadda Bahaushe ba ya mayar da "ka" ta zama "ku" a cikin karin magana. Wanda ya sa "usted" zai mayar da ita kamar sanarwar ofis.

In an haɗa waɗannan, ana iya samun: "Si ves arder la barba de tu hermano, moja la tuya." Gajera ce, gaɓa biyu kamar ta asali, kuma umarnin yana ƙarshe inda nauyinsa yake. "Shafa" ta ɗan yi asara, don "moja" jiƙawa ce kawai, babu motsin hannu a kan gemu. Amma duk kalmar da za a ƙara don maido da hannun tana tsawaita jimlar har ta koma bayani.

Wacce za a ɗauka? Tafinta a taro, wanda ba shi da lokaci, ya kyautu ya jefa sananniyar ta Sifaniya mai "arder", a gane a wuce. Mai fassara littafi ya fi kyau ya riƙe sabuwar, domin mai karatu ya ji cewa Bahaushiya ce ke magana. Kuma Sifaniyawa ba baƙin irin wannan ba ne: Sanco Fanza, baran Don Kihote a littafin Sarbantes na 1605, da karin magana yake tashi yake kwana.

Gwajin mai sauƙi ne. A miƙa wa ɗan harshen jimlar ba tare da bayani ba, a tambaye shi wa zai gaya wa ita, kuma a wane hali. In ya ce wanda ake so ya gyara tun abin bai iso shi ba, fassarar ta zauna. In ya ce wanda za a kora daga aiki gobe, to askin ne ya ji, sai a sake duba "si" da "arder".