Mai nema da mai wucewa: hanyoyi biyu da masu kallo ke bi su iso bidiyonka a YouTube

Matasa da yawa a Kano, Kaduna, Maraɗi da Damagaram sun buɗe tashoshi a YouTube, wasu na girki, wasu na ɗinki, wasu na gyaran waya. Kukan da aka fi ji daga bakinsu iri ɗaya ne: an sha wahala an ɗauki bidiyo, an kashe data an ɗora, amma kallo ya ƙi motsi. Sai a ɗora laifin a kan kyamara ko rashin sa'a. Sau da yawa matsalar tana wani wuri daban. Mai bidiyon bai tsaya ya tambayi kansa ba, tun kafin ya kunna kyamara, ta wace ƙofa mai kallo zai shigo.

Manyan ƙofofin biyu ne. Ta farko ita ce bincike: mutum ya buɗe YouTube, ya rubuta abin da yake so a akwatin nema, a jero masa bidiyoyi. Ta biyu ita ce shawara: mutum yana kallon wani abu, sai YouTube ya jera masa wasu bidiyoyi a gefe ko a ƙasa, ko ya kunna masa ɗaya da kansa idan na farko ya ƙare. Bambancinsu kamar na mai shago ne da mai talla. Wanda ya tako har shago ya san abin da ya kawo shi, buƙatarsa kawai a miƙo masa. Wanda mai talla ya gitta ta gabansa kuwa ba ciniki ya fito yi ba, sai an ja hankalinsa zai ɗaga kai.

A bincike, YouTube yana duba yadda take da bayanin bidiyo da abin da ke cikinsa suka dace da kalmomin da aka rubuta, sannan ya duba ko waɗanda suka nemi wannan abu a baya sun tsaya sun kalli bidiyon. A shawara kuwa babu wata kalma da aka rubuta. Abin da ake bi shi ne tarihin kallon mutumin da kansa, da kuma bidiyoyin da jama'a suka saba kallo ɗaya bayan ɗaya. Tun 2012 kamfanin ya karkata daga ƙirga yawan dannawa zuwa auna tsawon lokacin da mutane ke yi suna kallo, kuma a 2018 Neal Mohan, wanda daga baya ya zama shugaban YouTube, ya ce sama da kashi 70 cikin 100 na lokacin kallo daga shawarwari yake fitowa. Wannan adadi ya ruɗi mutane da dama, har suka raina bincike. Ni kuwa ina ganin ga sabuwar tasha, wadda YouTube bai riga ya san su waye masu kallonta ba, bincike ne ƙofar da ta fi saurin buɗewa.

Mu ƙaddara wata mata ce a Kano mai tashar girki, tana son yin bidiyo a kan masa. Idan masu bincike take so, aikinta na farko a akwatin nema yake, ba a kicin ba. Ta rubuta "yadda ake masa", ta tsaya ta ga ƙarashen da YouTube zai kawo mata, domin waɗannan kalmomi ne da mutane suka saba rubutawa. Nan za ta tuna cewa abin da Bauchi ke kira masa, a Kano waina ake cewa, don haka duka sunayen biyu su shiga take: "Yadda ake yin masa, wainar shinkafa mai laushi". YouTube yana ba da damar haruffa 100 a take, amma a waya yakan yanke ƙarshensa, saboda haka kalmar da ake nema ta zo a farko. Layuka biyun farko na bayani su faɗi abin da ke ciki a fili: shinkafar tuwo, yis, tsawon jiƙo, tanda.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Yawancin mutane ba sa rubuta ƙ da ɗ da ɓ a waya. Mai neman ƙosai "kosai" zai rubuta, mai neman ɗanwake ya rubuta "danwake" ko "dan wake". YouTube da kansa ya ce gurbin Tags ba ya da wani babban tasiri, sai inda mutane ke yawan rubuta kalma ta hanyoyi daban-daban. To, ga inda yake da amfani ke nan. Ta rubuta take daidai, ta zuba sauran sigogin a can, ta wuce. Cika gurbin da sunayen jaruman Kannywood ba zai ƙara mata komai ba.

Ginin bidiyon ma dole ya bi halin mai nema. Matar da ta jiƙa shinkafa tun dare, ta buɗe bidiyo da safe, ba ta da haƙurin minti biyu na gaisuwa da roƙon a danna ƙararrawa. Sallama a taƙaice, a nuna masar da aka gama don ta san ta zo inda ya dace, a faɗi awo, a shiga aiki. Kuma a raba bidiyon gida-gida ta hanyar rubuta lokuta a cikin bayani:

```
0:00 Kayan haɗi da awo
1:10 Jiƙo da niƙa
3:05 Zuba yis da jiran tashi
5:40 Suya a tanda
```

Ƙa'idar ita ce lokacin farko ya zama 0:00, a sami aƙalla guda uku, kowane sashe kada ya gaza daƙiƙa 10. Wasu suna tsoron wannan, wai mai kallo zai tsallake. Zai tsallake, gaskiya ne, amma wanda ya sami amsarsa a wurinki ba zai koma ya danna bidiyon wata ba, kuma wannan shi ne abin da bincike ke sakawa a kai.

Irin wannan bidiyo ba ya fashewa a rana ɗaya. Yana tafiya a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, amma yana iya shekara biyu yana kawo mutane, kuma yakan ɗaga a lokacinsa, kamar girkin buɗa-baki idan azumi ya ƙarato. Iyakarsa ita ce yawan masu nema. Idan mutum ɗari biyar ne ke rubuta wannan tambaya a wata, ko ke ce ta farko a jeri ba za ki wuce su ba.

Yanzu a ce matar nan ta yi bidiyo na biyu, wannan karon don shawara. Mai kallonta tana kwance da dare, ta gama kallon yadda ake miyar taushe, ba ta da niyyar yin masa gobe. Take irin na farko ba zai motsa ta ba. Abin da zai motsa ta shi ne tambayar da ba ta san tana da ita ba sai da ta gani: "Ƙullu ɗaya, tanda biyu: me ya sa wannan ta tashi, waccan ta kwanta?" Hoton murfin kuma shi ke ɗauke da rabin aikin. Masa biyu a faranti ɗaya, ɗaya ta kumbura ɗaya ta daskare, an ɗauko su kusa, rubutu bai wuce kalma uku ba, domin a fuskar waya hoton ɗan ƙarami ne. Take da hoto kada su maimaita juna, kowanne ya ƙara abin da ɗayan bai faɗa ba.

Cikin bidiyon ma a juye yake. A na bincike ana ba da amsa da wuri. A na shawara ana tabbatar da alkawarin take a daƙiƙun farko, a nuna masar biyu nan take, sannan a bi dalilai ɗaya bayan ɗaya: kaurin ƙullu, zafin tanda, yis da ya mutu, a ajiye mafi nauyi zuwa gaba. Wannan ba jan rai ba ne matuƙar kowane minti yana ba da wani abu. Kuma tunda shawara tana bin abin da ake kallo a jere, ya kamata ta yi bidiyoyi masu dangantaka, masa da miyarta da sinasir, ta kuma sa End screen a daƙiƙa 5 zuwa 20 na ƙarshe mai kai mutum ga na gaba. Tashar da yau girki, gobe siyasa, jibi ƙwallo, tana hana YouTube gane wa zai kai wa kayanta.

Yadda za a gane abin da ke faruwa yana cikin YouTube Studio. A shiga Analytics na bidiyon, a duba inda kallo ya fito: YouTube search, Suggested videos, Browse features wanda ya haɗa da shafin farko, da External wanda ya haɗa da WhatsApp da Facebook. Ƙarƙashin na farko za a ga ainihin kalmomin da aka rubuta, ƙarƙashin na biyu a ga bidiyoyin da suka turo mutane. Sai kuma Impressions click-through rate, wato cikin waɗanda aka nuna wa hoton, nawa suka danna. YouTube ya ce rabin tashoshi da bidiyoyi suna tsakanin kashi 2 da kashi 10.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne karanta wannan adadi a dunƙule. A ce an nuna hoton sau 1,000 a bincike, mutum 100 suka danna, kashi 10 ke nan. Sannan shawara ta ɗauka ta nuna shi sau 20,000, mutum 800 suka danna, kashi 4. Jimilla ta faɗo ƙasa da kashi 5, sai mai tasha ta firgita ta canza take, alhali masu kallonta sun tashi daga 100 zuwa 900. Faɗuwar ta zo ne saboda an kai bidiyon ga waɗanda ba su nema ba. Alamar ciwo ta gaskiya ita ce dannawa ta yi yawa amma layin riƙe masu kallo ya zube a daƙiƙa 30 na farko. Ma'anarsa take ya yi alkawarin da bidiyo bai cika ba, kuma YouTube zai daina kai shi. Idan kuwa waɗanda suka shigo suna zama har ƙarshe amma masu dannawa kaɗan ne, bidiyon lafiya lau yake, hoto da take za a gyara.

Bidiyo ɗaya yana iya cin ƙofofin biyu, amma wanda aka gina don ya gamsar da kowa yakan fito da take mai tsawo da gabatarwa mai jan ƙafa, ya rasa duka. Idan tasharka sabuwa ce, fara da bidiyoyi biyar ko shida masu amsa tambayoyin da ka ga ana rubutawa, ka ba su wata guda, sannan ka buɗe Analytics ka duba wanne ya fi riƙe mutane. A kan batun wannan bidiyo za ka gina na shawara na farko.