Yadda Ɗan Wasan Kwamfuta Ke Sauya Tafiya Zuwa Gudu

A manhajar Unity ta ƙera wasanni, Blend Tree ne ke gauraya hoton motsin tafiya da na gudu. A ce an ɗora tafiya a kan mita 2 a daƙiƙa, gudu a kan 6. Idan saurin ɗan wasan ya kai 3, sai a ɗebi kashi 75 na tafiya, a haɗa da 25 na gudu. Juyawa hagu ko dama kuwa sai an ƙara ma'auni na biyu.

Inda gizo ke saƙa shi ne taku. Dole ƙafar hagu ta sauka a gaɓa ɗaya cikin motsin biyu, in ba haka ba za ka ga ƙafafun na harɗewa kamar na mai tafiya a taɓo.