Jadawalin Taron Hukumar Gudanarwa: Kowane Batu da Lokacinsa

Hukumar gudanarwar kamfani ko ƙungiya takan zauna sau huɗu a shekara, saboda haka awa biyu ko ukun da take samu ba na ɓatawa ba ne. Sakatare da shugaba su ke tsara jadawali, a aika wa mambobi tare da takardu kamar mako guda kafin ranar.

Kowane layi na jadawalin yana ɗauke da batu, da lokacin farawa, da lambar takardarsa, da sunan wanda zai jagorance shi. A ce za a fara da ƙarfe 10:00. Minti goma sun ishi uzurin waɗanda ba su zo ba da amincewa da rahoton zaman baya. Da 10:10 sai ma'aji ya shigo da rahoton kuɗi na wata uku, takarda ta 2, a ba shi minti talatin. A gefen layin a rubuta ko shawara za a yanke ko sanarwa ce kawai. Wannan ya fi komai muhimmanci a ganina, domin mamban da ya san za a nemi amincewarsa zai karanta takardar tun daga gida.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne ajiye babban batu, kamar kasafin kuɗi, a ƙarshe. Kafin a kai gare shi an gaji, wasu sun tashi sallar azahar, har adadin da ake bukata don yanke shawara ya gaza. Takardar da aka raba a ɗakin taro kuwa, gara a ɗage batunta zuwa zama na gaba.