Yadda ake gane ko ma'aunin kaurin mai yana faɗar gaskiya

Makanike kan murza baƙin mai tsakanin yatsunsa ya ce wannan ya tsinke, wancan da sauran kaurinsa. A ɗakin gwaji yatsa ba ya isa, don haka ake amfani da biskomita. Bututun gilashi ne lanƙwasasshe, mai siririyar kafa a ɓangare ɗaya, an ja masa layi biyu. Ana zuƙo mai ya haura layin sama, a sake shi, a ƙidaya daƙiƙun da zai ɗauka kafin ya sauko layin ƙasa. Kowane bututu, ko samfurin Cannon-Fenske ne ko Ubbelohde, yana zuwa da lambarsa da ake kira C. Idan aka ninka ta da lokacin, an sami kaurin man a ma'aunin sentistok.

To shi bututun, wa zai auna shi? Akwai mai na musamman da ake sayarwa a ƙananan kwalabe, tare da takardar shaida mai nuna ainihin kaurinsa a digiri 40 ko 100, da ranar da wa'adinsa zai ƙare. Ana zuba shi a bututun kamar kowane mai, a ga ko sakamakon zai dace da abin da ke rubuce. An daɗe ana ɗaukar ratar da ta wuce kashi 0.35 cikin ɗari a matsayin alamar matsala, kodayake sababbin bugun ƙa'idar ASTM D445 sun koma lissafa iyakar daga abin da ke kan takardar man.

Zafi ne babban mai ɓata aiki. Man inji a digiri 40 yana rage kauri da kusan kashi 4 cikin ɗari idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya tak. Ke nan kuskuren kashi ɗaya cikin goma na digiri ya isa ya cinye duk rangwamen da aka bayar. Shi ya sa ake nitsar da bututun a tankin gilashi mai cike da ruwa ko mai, wanda zafinsa ba ya kaucewa fiye da digiri 0.02. A tsayar da bututun cak, a bar shi kamar minti 30 man ya ɗauki zafin tankin. Mai gaggawar da ya fara ƙidaya tun man da sauran sanyi zai ga lokaci na raguwa daga gwaji zuwa gwaji, kuma wannan raguwar ita ke tona shi. Lambar da ke kan allon tankin ma ba abin dogaro ba ce, sai an tsoma ma'aunin zafi da aka tantance.

Sai gyaran lokaci. Idan mai tsinkakke ne yana gudu da sauri, wani ɓangare na ƙarfin da ke tura shi yakan tafi wajen ba shi saurin, lokacin ya ɗan fi yadda ya kamata, sai an rage wani abu:

```
ν = C × t − E / t²
```

Da yake ana raba E da lokaci sau lokaci, gyaran yana ƙanƙancewa idan gudun ya daɗe. Saboda haka ƙa'ida ta ce a zaɓi bututun da man zai kai daƙiƙa 200 aƙalla. A ganina sauya bututu zuwa mai ƙaramar kafa ya fi zaman lissafin E sauƙi.

Gyaran da ya fi shafarmu shi ne na ƙarfin da ƙasa ke janyo abu, domin shi ke sauko da man. A arewacin Turai ya kai kamar 9.81, a Kano kuwa wajen 9.78, saboda kusancinmu da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. Ƙa'ida ta ce idan bambancin ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari, a gyara C.

Mu ƙaddara an tantance bututu a inda ƙarfin yake 9.810, aka ba shi C na 0.1003, aka kawo shi Kano inda yake 9.781. Takardar man ta ce 35.20 a digiri 40. Gwaji biyu suka ba da daƙiƙa 352.1 da 352.3, tsakatsakinsu 352.2. Idan aka ninka kai tsaye za a sami 35.33, wato ya haura da kashi 0.36, bututun ya faɗi. Amma idan aka ninka C da 9.781, aka raba da 9.810, ya koma 0.1000, sakamako ya zama 35.22. Ashe lafiyarsa lau.

Idan an yi duk wannan ratar ba ta tafi ba, a duba datti. Ƙurar hunturu ko sauran tsohon mai a cikin kafar yana tsawaita lokaci, kuma ƙura takan sa gwaji biyu su ƙi daidaituwa. A wanke da sinadarin narkar da mai, a busar da iska mai tsabta, a duba agogon, a sake da sabuwar kwalba. Kada a wanke da soda ko sabulu mai kaifi irinta, domin tana cin gilashi ta faɗaɗa kafar, kuma daga nan lambar C ta tashi aiki sai an sake tantance bututun.