Tauraro Biyar Ba Ya Nufin An Gama Magana: Yadda Nake Karanta Sakamakon Gwajin Karo Kafin Sayen Tokumbo

Yawancin 'yan'uwanmu da ke Agege, Sabon Ibadan ko Fatakwal, in za su sayi motar iyali, abin da suke tambaya shi ne shan mai, sanyin esi da farashin kayan gyara a Ladipo. Duk daidai ne. Amma motar da za ta kwashi maiɗaki da yara zuwa gida da Sallah ta hanyar Lokoja, ya kamata a san yadda take idan an yi karo, Allah Ya kiyaye.

Tunda galibin tokumbo daga Amurka ake kawo su, wurare biyu nake dubawa a waya. Na farko hukumar gwamnati ce, NHTSA, mai ba da tauraro ɗaya zuwa biyar. Na biyu IIHS, cibiyar kamfanonin inshora, wadda ke rubuta Good, Acceptable, Marginal ko Poor, wato daga mai kyau zuwa mara kyau. Gwajinsu ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan mutane ke ruɗewa.

NHTSA tana buga gaban motar gaba ɗaya da bango a gudun kilomita 56 a awa. A 2012 kuwa IIHS ta ɓullo da wani gwaji da za ka gani an rubuta small overlap front. A shi kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin gaban motar ne kawai ke bugun bango, a gudun kilomita 64. Kamar ka kauce wa rami ka bugi falwaya da gefen fitila ke nan. Ƙarfin bugun yakan tsallake manyan ƙarafan gaba, ya turo taya cikin wurin ƙafar direba.

Ga misali. Toyota Camry ta 2012 ta samu tauraro biyar a jimillar NHTSA, amma a wancan gwajin na IIHS ta samu Poor. Honda Accord mai ƙofa huɗu ta 2013 ta samu Good. Daga baya Toyota ta ƙarfafa gaban motar, waɗanda aka ƙera bayan Disamba 2013 suka hau Acceptable. Ka ga suna ɗaya, kama ɗaya, amma kariya daban. Shi ya sa nake duba wata da shekarar ƙira a takardar da ke liƙe a jikin ƙofar direba, ba abin da dillali ya faɗa ba.

Abu biyu kuma a riƙe. NHTSA ta tsaurara gwajinta daga motocin 2011, don haka tauraro biyar na 2008 ba ɗaya ba ne da na 2013. Sannan sakamakon karon gaba ana kwatanta shi ne tsakanin motoci masu kusan nauyi ɗaya. Ƙaramar mota mai tauraro biyar, in ta yi taho-mu-gama da jif, ita ce za ta fi jin jiki.

A cikin kayan kariya, abin da nake sa wa gaba shi ne na'urar hana santsi. Toyota na kiranta VSC, Honda kuma VSA. Idan mota ta fara juyawa a kwana ko a jiƙaƙƙen titi, ita da kanta take taka birkin taya ɗaya ɗaya har motar ta miƙe. Amurka ta wajabta ta ga ƙananan motoci daga na 2012, amma tsofaffi da dama ba su da ita. Bayanta sai jakar iska ta gefe mai saukowa kamar labule, domin ita ce ke kare kan masu zama baya. Sai ƙarafan ɗaura kujerar jarirai; sa hannu tsakanin mazauni da majingina a kujerar baya, za ka ji su.

To amma fa duk wannan sakamako na sabuwar mota ne. Tokumbo da yawa gwanjon motocin da suka yi haɗari ne, aka gyara. Don haka ka murɗa makulli ka kalli fitilar SRS: ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. In ta ƙi mutuwa akwai matsala. In ba ta kama ba sam, wataƙila an kashe ta ne don a ɓoye cewa babu jakar iska a sitiyarin. Ka fizgi kowane bel da ƙarfi ka ga ya kulle. Ka sa makanikenka ya leƙa ƙarafan gaba ko akwai sabuwar walda. Daga nan ka kwafi lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ka shigar a nhtsa.gov/recalls don ganin ko akwai gyaran kamfani da ba a yi ba.

Dillalin da ya hana ka wannan dubawar, ka yi masa sallama ka ƙara gaba.