Maganar Gobe a Turanci: *Will*, *Going To* da Lokaci Mai Ci

Aikatau a Turanci yana sauya siffa idan ana maganar abin da ya wuce, shi ya sa *play* ke komawa *played*, *go* kuma ta koma *went*. Amma idan aka zo kan abin da bai faru ba tukuna, aikatau ba shi da wata siffa tasa ta musamman. Sai dai harshen ya yi amfani da wasu kalmomi na taimako, kuma hanyoyi uku ne suka fi yawa a bakin masu harshen: *will*, da *going to*, da lokaci mai ci, wato *am*, *is* ko *are* haɗe da aikatau mai *-ing* a ƙarshe. Bahaushe yana iya fassara dukkansu da “zan”, “za ta” ko “za su”, kuma daga nan rikicin yake farawa. Ɗalibi ya haddace tun a firamare cewa *will* ita ce “za”, sai ya riƙa liƙa ta ko'ina. Ba kasafai jimlar tasa ke karya ƙa'idar nahawu ba, amma sau da yawa tana isar da saƙon da bai yi nufi ba.

Abin da ke raba hanyoyin uku ba nisan lokaci ba ne. Akan ji ana cewa *going to* ta abin da ya kusa ce, *will* kuma ta abin da ke nesa, alhali ba haka abin yake ba. Yaro ɗan shekara 10 yana iya cewa *I'm going to be a doctor*, likitancin kuwa sai nan da shekaru masu yawa, kamar yadda mai tsaye a bakin ƙofa ke cewa *I'll open it* ya buɗe nan take. Abin da mai magana ke dubawa shi ne matsayin al'amarin a lokacin da yake furta shi: yaushe aka yanke shawara, kuma ina aka kai da shiri.

Tafiya guda ta isa ta nuna wannan. A ɗauka wani malami a Kaduna, Malam Sani, abokinsa ya bugo masa waya ranar Litinin yana sanar da shi cewa za a ɗaura masa aure a Abuja ranar Asabar. Kafin wayar ta shigo, Malam Sani bai san da zancen ba, balle ya yi wani tanadi. Amsar da ta dace ita ce *I'll come*, domin a daidai wannan lokacin shawarar ta zo masa. Wannan shi ne babban aikin *will* a hirar yau da kullum: shawarar da aka yanke ana cikin magana. A ƙarƙashinta alkawari yake shiga, da tayin taimako, kamar wanda ya ga tsohuwa da kaya ya ce *I'll carry it for you*. Tarihin kalmar ma ya goyi bayan haka, don a tsohon Turanci ma'anarta ita ce so ko nufi, kuma har yau ragowar wannan ma'ana tana nan a jikinta.

Da dare Malam Sani ya shiga gida yana gaya wa maiɗakinsa. Yanzu shawarar ta kwana biyu a ransa, ko da na 'yan sa'o'i ne, sai dai bai nemi izini a makaranta ba, bai kuma sayi tikiti ba. Abin da zai ce shi ne *I'm going to attend Musa's wedding*. Niyya ce da aka riga aka ƙulla kafin a buɗe baki. A nan Hausa tana da abin da za ta taimaki ɗalibi da shi, domin “za” ɗin da ke nuna lokaci na gaba 'yar'uwa ce ga “za” ta tafiya, wadda ake ji a “ina za ka?” da “za ni kasuwa”. Turanci ma daga zancen tafiya ya samo *going to*: mutum ya ɗaga ƙafa ya nufi abin, ko da bai iso ba.

Ranar Laraba ya sayi tikitin jirgin ƙasa daga tashar Rigasa zuwa Idu, shugaban makaranta ya amince masa, kuma ya shirya da wanda zai tarye shi. Idan abokin aiki ya tambaye shi abin da zai yi ranar Juma'a, zai ce *I'm taking the train to Abuja on Friday*. An wuce matakin niyya an shiga na shiri, akwai rana, akwai wuri, akwai wasu mutane da suka san da zancen. Lokaci mai ci a nan yana nuna cewa tafiyar tamkar ta soma ce, tunda an fara ɗaura mata ɗamara. Hausa ma tana yin irin wannan idan mutum ya ce “gobe muna da baƙi” ko “jibi ina hanya”. Sharaɗi ɗaya ne: dole a ambaci lokacin, ko a fahimce shi daga zancen da ya gabata. Idan aka cire *on Friday* babu wata alama, mai sauraro zai ɗauka mutumin yana cikin jirgin a yanzu.

Tsakanin mataki na biyu da na uku iyakar ba ta da kauri, kuma gaskiya ita ce masu harshen sukan musanya su ba tare da wani ya lura ba. *I'm meeting him tomorrow* da *I'm going to meet him tomorrow* duk suna tafiya, sai dai ta farko tana nuna shi ma wancan ya san da haɗuwar, ta biyu kuwa tana iya zama niyyar mutum ɗaya. Inda kuskure ke fitowa fili shi ne sanya *will* a wurin abin da aka daɗe da shiryawa. Wanda aka tambaya dalilin sayen buhun siminti 20 ya amsa da *I will build a room*, jimlarsa tana sauka a kunne kamar yanzu tunanin ya faɗo masa, ga kuwa siminti a jibge a tsakar gida. *I'm going to build a room* ita ce ta dace. Akasin haka ma yana faruwa. Waya tana ƙara a falo, wani ya miƙe ya ce *I'm going to answer it*, alhali *I'll answer it* ake tsammani, tunda babu wanda ya ƙulla niyyar ɗaukar wayar da ba ta riga ta yi ƙara ba.

Wurin da wannan bambanci ya fi shafar zumunci shi ne amsa gayyata. A ce wani ya gayyaci Malam Sani walima a wannan Asabar ɗin. Idan ya ce *I won't come*, bai faɗi ƙarya ba, amma *won't* tana ɗauke da ƙamshin ƙi da gangan, irin wanda ake ji a *the child won't eat*, wato yaron ya ƙi cin abinci, ko *the car won't start*, motar ta ƙi tashi. Mai gayyata zai iya jin kamar an watsa masa ƙasa a ido. Amsar da ta fi ladabi ita ce *I can't come, I'm travelling to Abuja*, wadda ke nuna akwai uzurin da ya riga gayyatar. Haka nan wajen tambaya: *What are you doing on Saturday?* neman sanin shirin mutum ne, yayin da *Will you come on Saturday?* ta fi kusa da roƙo ko gayyata.

Duk abin da ya gabata ya shafi ayyukan da mutum ke da iko a kansu. Akwai kuma hasashe, inda mai magana ke faɗin abin da yake ganin zai faru, kuma a nan ma'aunin ya koma kan hujja. Idan hadari ya haɗu a gabas, iska ta taso, mata sun fara kwashe shanya, sai a ce *It's going to rain*, domin alamar tana gaban ido. Idan kuwa manomi yana zaune cikin rani yana faɗin ra'ayinsa game da damina mai zuwa, *I think it will rain early this year* zai ce. Shi ya sa *will* ke yawan tafiya da *I think*, *I'm sure*, *probably* da *maybe*. Wannan ba ya nufin *will* ta rashin tabbas ce, don da ita ake faɗin abin da babu makawa, kamar *She will be 20 in June*. Abin da kawai babu a cikinta shi ne nuni ga wata alama da ake kallo yanzu. Lokaci mai ci kuwa ba ya shiga hasashe sam. Ba a cewa *It's raining tomorrow*, saboda babu ɗan Adam da ke shirya ruwan sama ya sa masa rana. Haka kuma aikatau masu nuna hali ko sani, irin su *know* da *understand*, ba su cika karɓar *-ing* ba, don haka ɗalibin da ke jiran sakamakon jarrabawa *I'll know the result tomorrow* zai ce.

Wani tarko na daban yana cikin jimloli masu gaɓa biyu. Bayan *when*, *if*, *before*, *after*, *until* da *as soon as*, aikatau yana zuwa a siffarsa ta yanzu ko da gobe ake nufi: *When I arrive, I'll call you*. Ɗalibai da yawa suna rubuta *when I will arrive*, suna asarar maki a banza, alhali harshensu na gado ya riga ya nuna musu hanya. Bahaushe yana cewa “idan na isa zan kira ka”, “za” ɗin tana gaɓa ta biyu kaɗai. Siffar yanzu ita ce kuma ake amfani da ita ga abin da ke rubuce a jadawali, kamar tashin jirgi ko fara zangon karatu: *The term begins on Monday*.

Ginin jimlar kansa ba shi da wahala. Bayan *will* aikatau yana zuwa tsurarsa, babu *to*, babu *-s*, saboda haka *he will go* ake cewa. *Going to* kuma ba ta tsayuwa sai da *am*, *is* ko *are* a gabanta, kuma abin da ke biye da ita shi ke fayyace ma'anarta: a *I'm going to the market* tafiya ce ta ƙafa, a *I'm going to buy rice* niyya ce. A magana ana taƙaita *will* ta koma *'ll*, har ma idan mutum ya furta *I will* cikakkiya da nauyi, ana jin kamar yana jaddada alkawari ne ko musanta mai shakka. *Gonna* da ake ji a finafinai lafazin *going to* ne cikin sauri, kuma ba ta da gurbi a takardar jarrabawa ko wasiƙar neman aiki. A rubutun hukuma da sanarwa da labaran jarida *will* ce ta fi rinjaye, ko da an daɗe da tsara abin, kamar *The meeting will start at 10*.

Saura “ina zuwa”, wadda Bahaushe ke faɗa idan zai ɗan fita ya dawo. A Turancin Najeriya ta zama *I'm coming*, kowa kuma yana ganewa. Baƙon da bai saba ba kuwa zai yi mamakin ganin mutum yana cewa haka yana ba shi baya, domin a wurinsa jimlar tana nufin mai maganar yana tahowa inda yake. Tunda alkawarin dawowa ne da aka yi nan take, *I'll be right back* ita ce za ta isar da saƙon a ko'ina ake jin Turanci.